Janareta ko Wutar Nepa: Nawa Shagon Gyaran Waya Ke Ƙonawa a Kowace Awa?

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ko wata kasuwar waya irinta, ya san ƙarar da ke tashi da zarar an ɗauke wuta. Cikin minti ɗaya janareta sun kama ruri ta ko'ina, hayaƙi ya cika lungu, aiki ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Abin da ba a gani shi ne, daga wannan mintin kuɗin da kowace awa ke ci wa mai shago ya ninka sau da yawa. Kowa ya san janareta ya fi tsada. Amma a tambayi mai gyara sau nawa ya fi, sai a ji amsa iri-iri, wani ya ce ninki biyu, wani ma ya ce tunda aka mayar da layinsu Band A ai gara janareta.

Wannan magana ta ƙarshe ta yaɗu sosai tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da lantarki ta Najeriya, wato NERC, ta ɗaga farashin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Bayan wata ɗaya aka sauke shi zuwa naira 206.80, sannan a watan Yuli ya koma naira 209.50 a wasu kamfanonin raba wuta. Mutumin da ya saba katin dubu biyar ya kai shi mako biyu, ya wayi gari bai kai kwana biyar ba, dole ya ji zafi. Sai dai zafin kati daban, lissafi daban. Kati ana biyansa a dunƙule, ana ganin kuɗin na fita. Fetur kuwa lita biyu yanzu, lita biyu anjima, ba a jin fitarsa sai an zo ƙirga cinikin dare an ga babu komai.

Abin da shagon ke ja

Kafin a kwatanta komai, sai an san yawan wutar da shago ke sha. Yunit ɗin da ake saya a kati shi ne abin da mita ke rubutawa kWh, ma'anarsa wat dubu ɗaya na aiki tsawon awa ɗaya. Fanka mai wat 60 sai ta yi kusan awa goma sha bakwai tana juyawa kafin ta cinye yunit guda. Dutsen guga mai wat dubu kuwa awa ɗaya ya ishe shi.

A ɗauki misalin matsakaicin shagon gyaran waya mai teburi biyu, wanda kuma ke karɓar caji. Akwai injin hura iska mai zafi da ake cire ƙananan kayan cikin waya da shi, an rubuta wat 700 a jikinsa. Akwai ƙarfen narka dalma mai wat 60, injin raba sikirin mai wat 400, kwamfutar tafi-da-gidanka ta yin filashin mai wat 65, fanka mai wat 60, ƙwai uku na zamani da suka haɗu wat 30, sai caja ashirin da za su iya jan wat 200 idan duk wayoyin sun zo babu caji. Idan aka tara waɗannan lambobi za a samu wat 1,500 da 'yan kai.

Amma shagon ba ya shan wat 1,500 a kowace awa, kuma a nan ne da yawa ke fara ɓata lissafi. Lambar da ke jikin na'ura ita ce iyakar abin da za ta ja. Injin iska mai zafi yana jan wat 700 ɗinsa ne a daƙiƙun farko da yake ɗumama, daga nan sai ya riƙa shan kaɗan don riƙe zafin, idan an rataye hannunsa kuma ya huce. Injin raba sikirin ana kunna shi ne idan aikin sikirin ya zo. Waya idan ta kusa cika tana rage jan wuta da kanta. Idan aka baje komai a tsawon yini, shago irin wannan zai tsaya a wajen wat 500, wato rabin yunit a awa. Lambobi biyu ke nan da za a riƙe: 1,500 ita ce ke tilasta girman janaretan da za a saya, 500 kuma ita ce ainihin abin da ake sha. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ramin da kuɗin mai shago ke zurarewa.

Ɓangaren wutar Nepa

Lissafin wannan ɓangare ba shi da wuya ga mai mita. A Band A, naira 209.50 idan aka ɗora mata harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, yunit ya tashi kusan naira 225. Rabin yunit a awa ke nan naira 113. Sauran rukunan, daga B zuwa E, ba a taɓa su ba a ƙarin Afrilun 2024, sun zauna ƙasa da naira 70, kowane kamfani da nasa farashin. Idan aka ɗauki naira 60 a matsayin misali, awa ɗaya ta wannan shago naira 30 ce kacal.

Hanyar da ta fi kowace tabbas ta sanin farashin da mutum ke biya ita ce ya duba rasit ko saƙon da ya shigo masa lokacin da ya sayi kati a waya, ya raba kuɗin da ya biya da yunit ɗin da aka ba shi. Wanda ya biya dubu goma aka ba shi yunit 44.4, yana kan naira 225. Idan yunit ɗin da ya samu ya gaza abin da rukuninsa ya kamata ya ba shi, mai yiwuwa ana cire tsohon bashi ne daga kowane kati, musamman a shagon haya da wani ya taɓa zama ya bar bashi a kan lambar. Wannan cirewar ma kuɗin wuta ce a aljihun mai shago, don haka a bar ta cikin lissafi.

Kyawun mita shi ne tana bin abin da aka sha. Idan kasuwa ta yi sanyi, babu abin da ke aiki sai fanka da ƙwai da 'yan caja, kuɗin awa ya sauka tare da su. Janareta ba shi da wannan hali.

Dalilin da janareta ke shan mai ko babu aiki

Janaretan da zai ɗauki wat 1,500 ba tare da ya shaƙe ba shi ne mai rubutun 2.5kVA a jiki, irin mai tankin lita goma sha biyar da ya cika kasuwa. Wannan lamba ma tana da ɗan ruɗu, domin ainihin ƙarfin da zai bayar a tsaye wajen wat 2,000 ne.

Irin wannan inji dole ya riƙa juyi 3,000 a minti ɗaya don wutar da yake fitarwa ta dace da tsarin da na'urorin ƙasar nan ke aiki da shi. Ko an jona masa ƙwai ɗaya, ko an jona masa shagon gaba ɗaya, gudun ɗaya ne. Juya fistan da fankar sanyaya inji da koyil a wannan gudu aiki ne da ke cin fetur tun kafin wat ɗaya ya fita ta soket. Shi ya sa injin wannan girma, yana ruri babu komai a kansa, yakan sha wajen rabin lita a awa. Da wat 500 a kansa yakan kai wajen lita 0.8. A rabin ƙarfinsa ya ɗan haura lita ɗaya, idan kuma an cika masa kaya har wat 2,000 ya kai wajen lita 1.6. Waɗannan lambobi na inji mai lafiya ne. Tsohon inji da ya sha wuya yana wuce su.

Idan aka lura da kyau, kaya sun ninka sau huɗu daga wat 500 zuwa 2,000, amma mai sau biyu kawai ya ninka. Ma'ana, mai shagon da ke jan wat 500 yana biyan kuɗin tashin inji mai yawa don wuta kaɗan. Litar fetur na ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit tara. A wat 500, lita 0.8 da aka ƙona na ɗauke da yunit bakwai da ɗoriya, amma rabin yunit ne ya iso teburin gyara. Sauran duk ya tafi a zafi da ƙara da hayaƙi. Zafin da mutum ke ji idan ya matsa kusa da salansa, kuɗinsa ne ke tashi.

Yanzu a sa farashi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin fetur bai zauna wuri ɗaya ba, ya taɓa haura naira dubu a ƙarshen 2024, yana sauka yana hawa. Don misali a ce lita naira 900 ce, kowa sai ya sauya da farashin gidan man unguwarsu na yau. Lita 0.8 sau 900 ya ba da naira 720 a awa. Man kawai ke nan.

Yawancin masu shago a nan suke tsayawa, alhali inji na da wasu bakuna. Baƙin mai na farko: irin wannan inji na cin wajen lita 0.6, kuma ana so a juye shi bayan awa hamsin zuwa ɗari na aiki. A wuri mai zafi da ƙura gara a kusanci hamsin ɗin. Idan aka ƙaddara litar baƙin mai naira 4,000, ana juyewa duk awa sittin, naira 40 ke nan a awa. Sai kuɗin makaniki da fulogi da igiyar ja da wankin kafireta, a ce naira 5,000 duk awa ɗari biyu, wato naira 25 a awa. Na ƙarshe, wanda kusan babu mai lissafa shi, shi ne injin kansa yana ƙarewa. Idan an saye shi naira 250,000, aka ƙaddara zai yi awa 2,500 kafin ya zama na gyara kullum, kowace awa tana cin naira 100 daga jikinsa. Ba a fitar da wannan ɗari daga aljihu yau, amma ranar da koyil ya ƙone za a biya ta gaba ɗaya.

Jimla, naira 885 a awa. Ga yadda za a buga shi a kalkuletar waya:

```
(0.8 × 900) + 40 + 25 + 100 = 885
0.5 × 225 = 112.5
885 ÷ 112.5 = 7.9
```

Layin farko janareta ne, na biyu Band A, na uku kuma ninkin da ke tsakaninsu. Awa ɗaya a janareta ta kusa sayen awa takwas a rukunin wutar da ake kuka da tsadarsa. Ko an cire baƙin mai da gyara da tsufan inji an bar fetur zalla, ninki shida ne da ɗoriya. Idan aka juya shi zuwa farashin yunit, wannan shago na sayen kowane yunit daga janaretansa a kan naira 1,770.

Ninkin ba ya tsayawa wuri ɗaya

Abin da ya sa amsoshin masu shaguna ke bambanta shi ne, kowa da irin kayan da ya ɗora wa injinsa. Da rana tsaka, lokacin da babu kwastoma, shagon na iya sauka zuwa wat 150: fanka, ƙwai, da 'yan wayoyi a caji. Mita za ta ci naira 34 a wannan awa. Janareta kuwa zai sha wajen lita 0.6, naira 540, a haɗa da 165 na sauran kashe-kashe ya zama 705. Ninki ashirin ke nan. Yaron shago na kwance yana kallon TikTok, fanka na kaɗa shi, ana ƙona naira ɗari bakwai a awa.

A ɗaya gefen, shagon da ke cika wa inji kaya, misali na tela mai dutsen guga da kekunan lantarki da yawa da suka kai wat 2,000, zai biya naira 1,440 na mai da 165, wato 1,605 a awa. Mita a Band A za ta ci naira 450. Ninkin ya sauko zuwa uku da rabi. Wannan shi ne mafi kyawun abin da ƙaramin janaretan fetur zai iya, kuma ba a so ma a riƙe inji a ƙarshen ƙarfinsa awa da awanni, domin zai yi zafi ya gajarta kwanansa.

Daga nan ana iya amsa maganar nan ta cewa gara janareta da Band A. A mafi kyawun yanayi, inji na ƙona lita 0.8 don ya ba da yunit ɗaya. Kafin ya yi kunnen doki da naira 225, sai litar fetur ta sauko wajen naira 280, kuma wannan idan an ɗauka baƙin mai da makaniki kyauta ne. Ko a zamanin tallafi da ake sayen lita ƙasa da naira 200, janareta bai taɓa fin mita arha ba, domin ita ma a lokacin ba ta kai naira 70 ba.

Inda lissafin awa ya zama lissafin wata

Babu shagon da ke zaɓar ɗaya ya bar ɗaya. Ana amfani da wuta idan akwai, a tayar da inji idan babu. Don haka abin da ke yanke kuɗin wata shi ne awa nawa wuta ke zama a cikin lokutan da shago ke buɗe. A tsarin NERC, Band A na nufin aƙalla awa ashirin a yini, B goma sha shida, C goma sha biyu, D takwas, E huɗu. Sai dai awannin nan ana ƙirga su ne a cikin awa ashirin da huɗu. Wutar da ta zo ƙarfe ɗayan dare ta tafi da asuba ta shiga lissafin kamfani, amma ba ta narka dalma ko ɗigo ɗaya ba.

A ce shagon na buɗe awa goma, daga tara na safe zuwa bakwai na yamma. Idan yana layi mai arha, yunit naira 60, amma awa uku kawai wuta ke samunsa a buɗe, zai biya naira 90 na mita da naira 6,195 na awa bakwai a janareta. Jimlar yini 6,285, a kwana ashirin da shida na aiki ya haura naira 163,000.

A ɗauke shagon nan da kayansa a kai shi layin Band A da ke cika alƙawari, wuta awa tara, janareta awa ɗaya. Mita ta ci wajen naira 1,015, inji 885, jimla 1,900 a yini, ƙasa da naira 50,000 a wata. Bambancin ya haura dubu ɗari da goma duk wata. Ga matashin da ya gama koyon gyara yana neman shago, wannan ya fi bambancin kuɗin haya tsakanin wurare da yawa. Shagon da hayarsa ta fi tsada da dubu ɗari uku a shekara amma yana kan layi mai wuta da rana, cikin wata uku ya mayar da ƙarin. Tambayar da ta kamata a yi wa maƙwabta kafin a biya haya ita ce, sau nawa suke tayar da inji tsakanin azahar da magariba.

Wanda ya fi kowa shan kashi shi ne wanda aka rubuta wa Band A a takarda amma wutar ba ta cika awanninta. Yana biyan 225 a mita, yana kuma sayen galan. Mai irin wannan matsala yana da hujjar kai ƙorafi, fara daga ofishin kamfanin da ke ba shi wuta, idan ba a warware ba ya wuce zauren sauraron ƙorafi na hukumar da ke sa ido. Abin da ke ƙarfafa ƙorafi shi ne rubutaccen lokacin kawowa da ɗaukewa na makonni, ko da a manhajar rubutu ta waya ne.

Shagon da ba shi da mita lissafinsa ya juye. Ana kawo masa bil na ƙiyasi, ko kuma mai gida ko shugabannin layi su raba kuɗin mita ɗaya ga shaguna. A nan sai a raba kuɗin wata da awannin da aka ci moriya. Wanda ke biyan naira 15,000 a wata, yana samun awa uku a yini na kwana ashirin da shida, awa 78 ke nan, kowace awa ta tashi kusan naira 190. Har yanzu bai kai kwatan janareta ba, amma ya fi abin da mai mita a Band A ke biya. Kuma idan maƙwabcinsa na da firiza biyu ana raba kuɗi daidai, shi ke tallafa wa mai sayar da ƙanƙara. Ƙaramar mitar raba wuta da ake ɗaura wa kowane shago tana kashe wannan rigima.

Ƙaramin Tiger fa?

Wasu za su ce ai duk wannan na masu babban inji ne, su ɗan Tiger suke da shi, wanda ake wa laƙabi da "na fi maƙwabcina". Gaskiya ne yana shan ƙasa da haka a awa. Mai lamba 950 ainihin ƙarfinsa wajen wat 650 ne, kuma da wat 400 a kansa yakan sha wajen rabin lita, naira 450. Shi ba a juye masa baƙin mai, ana gauraya shi ne da fetur, mililita ashirin a kowace lita, wanda zai ƙara wajen naira 40. Awa ta tashi kusan naira 490 kafin gyara, yunit kuma ya haura naira 1,200. Don fanka da ƙwai da caji ya fi babban inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Matsalarsa a shagon gyara ita ce ba zai ɗauki injin iska mai zafi tare da sauran kaya ba. Da an kunna sai a ji muryarsa ta sauya, ƙwai su dushe, wani lokaci ya mutu. Kuma ba shi da na'urar daidaita wuta irin ta manyan injuna, don haka idan aka kashe abu mai nauyi wutar kan yi tsalle sama. Cajar waya ta kwastoma ko allon kwamfutar filashin da ya ƙone a wannan tsallen ya share ribar man mako guda. Wasu shagunan na riƙe injuna biyu saboda haka, ƙarami na zaman jira, babba kuma sai an tara ayyukan zafi uku ko huɗu a tayar da shi a yi su a jere a kashe. Awa biyu a cike ta fi awa bakwai a sake.

Akwai kuma janareta mai inbata a ciki, wanda ke rage gudunsa idan kaya sun yi sauƙi, don haka bai da asarar zaman banza mai yawa, sai dai farashinsa ya fi na gama-gari. Batir da inbata da ake caji da wutar Nepa suna yin asarar wajen kwata na abin da aka zuba musu, wato yunit na 225 ya koma wajen 300 kafin a lissafa tsufan batir. Ko da an ninka wannan, bai kusanci 1,770 ba.

Yadda mai shago zai auna nasa

Duk lambobin da ke sama misali ne. Na gaskiya suna cikin tankin kowane mutum, kuma fitar da su ba ya buƙatar sayen komai. Da safe, inji na kashe kuma a sanyaye, a ajiye shi a daidaitaccen wuri a cika tanki zuwa wata alama da ido ke gani, kamar bakin rariyar da ke wuyan tanki. A tayar, a duba agogon waya, a yi aikin da aka saba yi na awa biyu ko uku. A kashe, a bari ya huce, sannan a mayar da man zuwa alamar da mazubin da aka san awonsa. Abin da ya shiga a raba da awanni. Kada a dogara da allurar da ke saman tanki, ba ta da daidaito, kuma kada a taɓa zuba mai inji na ruri ko salansa na da zafi. Wanda ke sayen mai a hannun 'yan bumburutu ya yi lissafi da farashinsu, ya kuma auna galan ɗin, domin ba kowane galan ne ke cika lita huɗu ba.

Shan wutar shago kuma mita ce za ta faɗa. A ranar da wuta ta zauna, a rubuta yunit ɗin da ya rage a fuskarta, bayan awa uku na aiki a sake dubawa. Idan ya sauka daga 32.4 zuwa 30.9, an sha yunit ɗaya da rabi, wato rabin yunit a awa. Idan akwai sitabilaiza a layin, abin da yake sha shi ma ya shiga ciki, kuma daidai ne ya shiga.

Idan awon ya nuna injin 2.5kVA na shan fiye da lita ɗaya a awa alhali kayan ba su wuce wat 500 ba, akwai abin da ya lalace. A fara da matatar iska, domin ƙurar hunturu na toshe soson cikin 'yan makonni, inji ya rasa iska ya riƙa zuƙar mai fiye da kima. Alamarsa baƙin hayaƙi da fulogi mai baƙin toka a baki. Injin da ba ya tsayawa sai an bar cok a rabi, ko wanda muryarsa ke hawa tana sauka shi kaɗai, kafiretarsa ce ta toshe, kuma barin cok ɗin a haka yana ƙara shan mai. Warin fetur ko danshi a ƙasan inji bayan an kashe na nufin yoyo, sau da yawa daga tiyo ko allurar kafireta, kuma rufe famfon mai duk lokacin da aka kashe yana tsayar da asarar dare. Hayaƙi mai launin shuɗi a babban inji kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, alamar zoben fistan ya ci. Mai irin wannan inji zai ga yana ƙara baƙin mai tsakanin juye da juye, don haka naira 40 ɗin da aka sa a lissafi ba za ta ishe shi ba, sai ya sake auna ta da abin da yake zubawa a mako.